Kuɗin Gidan Hazel

Clive Marfleet bai taɓa cin bashin kowa ba, kuma rabin garin Grimsby sun ji haka daga bakinsa, waɗanda suka tambaya da waɗanda ba su tambaya ba. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana feɗe kifi a kasuwar bakin teku, tun asuba hannunsa cikin ƙanƙara, bai taɓa sayen ko tukunyar shayi da kuɗin da bai riga ya shiga aljihunsa ba. Abin yana da asali. Yana ɗan shekara tara wasu mutane biyu suka zo da mota suka kwashe kujerun falo da rediyon uwarsa, saboda bashin da ubansa ya bari, maƙwabta suna leƙe ta labule. Yanzu yana da shekara sittin da bakwai, amma ko fim ake yi aka nuna mai bin bashi sai ya tashi ya tafi ɗora ruwan zafi.

Da ya bar aiki aka ba shi wani abu dunƙule daga kuɗin fansho. Shi da matarsa Glenys suka ware fam dubu goma sha biyar, suka sa a wani asusu daban da sunansu su biyu, suka gaya wa 'yarsu tilo, Hazel, cewa nata ne, duk ranar da ta sami gidan saye ta zo ta ɗauka ta ba da kafin alƙalami. Hazel da mijinta Ross suna haya ne a saman wani shagon wanki, ɗakin da bangonsa ke tsattsafo da ruwa wata takwas a shekara. A gidan Marfleet ba a kiran kuɗin da wani suna sai kuɗin gidan Hazel.

Ranar wata Lahadi Hazel ta zo cin abincin rana, ta ce za ta yi amfani da injin buga takardu na ubanta. Ta buga abin da za ta buga, ta ci naman gashi da dankali, ta tafi. Da safen Litinin Clive ya ga takarda ɗaya ta maƙale a bakin injin. Ba mai karanta takardun mutane ba ne, in ji shi, amma idonsa ya faɗa kan wata lamba, sai ya nemo tabarau.

Takardar bashin karatun jami'ar Hazel ce. Ya san abin da ta ranta, domin shi ya cike takardun da ke nuna abin da yake samu a lokacin: fam dubu arba'in da uku, kuɗin makaranta da na ci da kwana na shekara uku. Shekara bakwai ke nan tana aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin sarrafa kifi, ana cirar bashin daga albashinta. A ƙasan takardar an rubuta abin da ya rage: fam dubu sittin da 'yan kai.

Ya ɗauka kuskuren bugu ne. Ya bi layin da yatsa. Abin da ta biya a shekarar da ta wuce, fam ɗari biyar da goma sha shida. Kuɗin ruwan da aka ɗora a shekarar, fam dubu huɗu da ɗari uku. Abin da biyanta bai rufe ba an haɗa shi da uwar kuɗin, shi ma baɗi za a ɗora masa nasa ruwan.

"Glenys," ya ce. "Zo ki ga wani abu."

Ta fito daga kicin da tsumma a hannu, ta leƙa, ta ce, "Takardar Hazel ce. Me ya kai ka?"

"Dubi nan. Tana biya yana ƙaruwa. A ina aka taɓa haka?"

"Haka na yaran nan yake duka. Na 'yar ƙawata Pauline ma haka yake, ba ta fasa zuwa Sifen hutu ba."

"Ni ina ruwana da 'yar Pauline?"

"To ka kira mai takardar ka tambaye ta. Baki gare ta."

"In tambaye ta ta ce me? Ta ce babu komai, Baba? Tun tana ƙarama haka take, ko ƙashinta ya karye babu komai."

"Ajiye mata kayanta, tsoho. Kai ba ka da aikin yi ne shi ya sa."

Ya ninke takardar ya sa a aljihun riga. Ranar bai zauna ba. Ya ɗauko almakashi zai rage ganyen shingen ƙofar gida, ya yi rabi ya bari. Ya shiga mota ya tafi bakin teku, ya tsaya ko minti biyar bai cika ba ya juyo. A bayan ambulan ɗin kuɗin wuta ya yi lissafi da fensir: fam ɗari uku da hamsin da wani abu na ruwa kowane wata, ita kuma tana zuba arba'in da uku. Ya sake lissafin sau uku ko zai fito daban. Abin da ya fi ci masa rai shi ne shi ya tura ta. Ita tana son ta kama aiki tun tana 'yar sha takwas, shi ya buga tebur ya ce 'yarsa ba za ta yi warin kifi ba, sai ta yi jami'a. Ga shi ta yi jami'ar, ta dawo kamfanin kifi, da dutse a wuya.

Talata ya tashi da ciwon kai. Glenys ta aike shi sayo madara ya dawo da burodi. Laraba ya ɗauki waya sau biyu zai kira Hazel, sau biyu ya ajiye. Ya san halinsa, in ya fara magana a kan bashi muryarsa ɗagawa take yi, kuma ba ya son 'yarsa ta ji kunya a gabansa. Mutum irin Clive ya fi son ya yi abu a gani da ya zauna a tattauna, kuma wannan hali ya yi masa amfani a kasuwar kifi. Da yammacin Larabar yana tsaye a lambu yana kallon wake sai dabarar ta zo masa, ya ji kamar an sauke masa kaya. Kuɗin gidan Hazel ai nata ne. Wane amfani ke ga gida ga wanda bashi ke bin sa yana girma a baya? A fara kashe wutar da ke ci tukuna.

Alhamis Glenys ta tafi gyaran gashi. Ya jira ƙarar rufe ƙofa, ya kira lambar da ke saman takardar. Bayan dogon kiɗa wata mata ta ɗauka.

"Ina so in biya wani abu a kan bashin 'yata," ya ce.

"Ana iya yin haka, in kana da sunanta da lambar asusunta. Sai dai ba zan iya gaya maka komai game da asusun ba, tunda ba naka ba ne."

"Ba sai kin gaya mini ba, yana gabana. Dubu goma sha biyar zan sa."

Matar ta ce, "Yallaɓai, ka yi magana da ita kuwa?"

"Kyauta ce. Ana shawara da mutum a kan kyauta?"

"Dole in gaya maka, kuɗin da aka biya na ganin dama ba ya dawowa. Kuma ba zai rage abin da ake cira mata a wata ba, don wannan da albashi ake lissafa shi. Ga mutane da yawa biyan ƙari ba ya amfanar su, saboda irin wannan bashin yana da wa'adi, bayan shekara..."

"'Yan mata," ya ce, "na girme ki. Kowa na son kuɗin ruwansa ya ci gaba da gudu, ban ga laifinku ba. Ba ni lambar da zan tura kawai."

"Shawarata ka ba shi ko kwana biyu."

"Kwana uku na ba shi."

Ta karanto masa lambobin, ya rubuta. Ya sa jaket ɗinsa na zuwa coci ya tafi banki. Can ma yaron da ke kan kanta ya tsare shi da tambayoyi, ko wani ne ya kira shi a waya ya ce ya tura, ko ana matsa masa. Clive ya ce babu wanda ya taɓa matsa masa a duniya sai matarsa. Aka yi dariya, aka tura kuɗin, aka ba shi rasit. Ya fito yana jin kansa sakayau, har ya tsaya ya sayi soyayyen kifi da dankali ya ci a kan benci, abin da likita ya hana shi.

Sakayau ɗin bai kai dare ba. Bai gaya wa Glenys ba, kuma bai saba ɓoye mata komai ba, sai rasit ɗin ya zame masa ƙaya. Ya sa shi a akwatin kayan aiki, ya ciro, ya sa a cikin littafin mota, ya ciro. Maganar matar nan ta waya ta riƙa dawo masa gutsi-gutsi, yana korar ta. Ya shirya yadda zai yi: ranar haihuwar Hazel saura mako uku, zai sa rasit ɗin a cikin kati. Ya ƙarasa shingen, ya wanke mota, ya gyara famfon da bai lalace ba.

"Wai me ke cizonka ne?" in ji Glenys.

"Babu komai."

"Ka ga inda 'yarka ta gado."

Asabar ta mako na gaba, wajen ƙarfe sha ɗaya, motar Hazel ta tsaya a ƙofar gida. Ta shigo ba ta ko cire takalmi ba, fuskarta ja, waya a hannu.

"Mama, Baba, ku zauna. A'a, ku zauna mana."

Glenys ta zauna. Clive ya tsaya jikin firji.

"Mun sami gida. A Cleethorpes, bayan makarantar firamare. Ɗaki uku, da ɗan lambu. Mun taya dubu ɗari da hamsin, jiya da yamma mai gidan ya sallama. Ban gaya muku ba don kar in sa muku rai a banza, sau biyu ana ƙwace mana." Ta miƙa wa uwarta wayar. "Dubi kicin ɗin. Banki sun yarda, amma sai da kashi goma cikin ɗari, saboda Ross aikin kansa yake yi. Abin da muka tara zai tafi wajen lauya da kwasar kaya. Dillalin yana son ganin shaidar kuɗin kafin Laraba, akwai wasu a bayanmu. Baba, takarda ɗaya za ku sa wa hannu cewa kyauta ce."

Glenys tana ta matsa hotuna tana cewa a ga taga, a ga murhu. Clive ya bar jikin firjin. Ya fita, ya je mota, ya dawo da rasit ɗin ya ajiye a kan tebur. Har a lokacin akwai wani ɓangare na zuciyarsa da ke jiran a gode masa.

Hazel ta karanta. Ta sake karantawa. Ta ja kujera ta zauna.

"Yaushe?"

"Kwana tara."

Glenys ta karɓi takardar, ta nisantar da ita daga idonta don ba ta sa tabarau ba. Da ta gane, ta ajiye a hankali ta ce, "Clive. Kuɗin yarinyar."

"Ai a kanta na kashe su," ya ce. "Dubu sittin, Hazel. Kina biya yana hawa. Na gani da idona. In bar shi ya cinye ki?"

"Baba, zauna."

"Ina jin ki a tsaye."

Ta buɗe wayarta ta nemo takardar albashi, ta juyo masa. Muryarta ba ta ɗaga ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Ka ga nan? Arba'in da uku. Tara cikin ɗari ne na abin da albashina ya haura dubu ashirin da bakwai da ɗari uku a shekara. Ko bashin dubu goma ne ko dubu ɗari, arba'in da ukun nan ce. In albashina ya faɗi ƙasa da haka, ko sisi ba za a cira ba. Ba mai zuwa ya ƙwanƙwasa mini ƙofa."

"Amma yana ƙaruwa."

"Yana ƙaruwa. Ya yi ta ƙaruwa. Shekara talatin daga lokacin da aka fara bi na, duk abin da ya rage shafe shi ake yi. Saura ashirin da uku. Ni da irin albashina ba zan taɓa gama biya ba, kuma ba a sa ran in gama. Wanda biyan ƙari ke yi wa amfani shi ne mai babban albashi, wanda dama zai ƙare bashin kafin wa'adi."

Clive ya dubi rasit ɗin. "Ai ya ragu dai. Ya koma arba'in da biyar."

"Ya koma. Ruwan arba'in da biyar a yadda yake yanzu ya haura dubu uku a shekara, ni ina ba da ɗari biyar. In ruwan ya tsaya haka, shekara biyar ya koma sittin. Wata mai zuwa arba'in da uku za a cira mini, kamar ba ka yi komai ba. Ranar da za a shafe, abin da za a shafe ne kawai ya ragu."

"To wa na biya wa?"

Hazel ta ture rasit ɗin gefe.

"Za a dawo da su," in ji Glenys. "A kira su a ce kuskure ne. Tsoho ne, ya ruɗe."

"Ban ruɗe ba."

"Rufe mini baki, ina neman maka mafita."

"Ba sa dawowa," ya ce, da ƙyar. "An gaya mini. Yarinyar ta gaya mini kafin in tura."

Glenys ta juyo ta dube shi sosai. Shekara arba'in da huɗu suna tare, ta sha yi masa faɗa a kan takalmi da gishiri da taurin kai, amma wannan kallon bai san shi ba.

"An gaya maka," ta ce. "Ni na ce ka tambayi 'yarka. Ita ma baƙuwa a waya ta ce ka tambayi 'yarka. Sunana yana kan asusun nan, Clive. Ni ma na yi shekara ashirin ina goge daɓen asibiti."

"Mama, bari."

"Ba zan bari ba. Garin neman gira ka tsone wa yarinya ido."

Duk da haka Hazel ta gwada. Ofishin ba ya aiki ranar, sai ta shiga asusunta ta waya, ta karanta sharuɗɗan daga sama har ƙasa, leɓenta na motsi. Clive ya zaga teburin, ya je taga, ya dawo.

"Zan sayar da motar," ya ce.

"Dubu biyu za a ba ka, in an ji tausayinka," in ji Glenys.

"To gidan nan. Ana ba da rance a kan gida. Zan je banki ranar Litinin in..." Ya kau da kai, ya ƙarasa. "In ci bashi."

Hazel ta ɗago. Idonta ya ciko, ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Kai? A'a, Baba. Ba zan kwana a gidan da aka jinginar da naku a kansa ba. Kuma ba a gama irin wannan kafin Laraba."

Ta kife wayar a kan tebur. Glenys ta tashi ta ɗora ruwan zafi, don hannunta ya sami abin yi. Aka ji buta ta fara kuka. Clive yana tsaye yana jin kunya irin wadda bai taɓa ji ba, har kunnuwansa suna zafi. Ya so ya ce don ke na yi, ya ga ta riga ta sani, kuma sanin bai ƙara mata ko bulo ɗaya ba.

Wayar ta yi ƙara a kan tebur. Hazel ta juya ta, sunan Ross ne. Ta bar ta har ta katse.

"Yana can ƙofar gidan da tef, yana auna faɗin gareji daga waje," ta ce. Ta share ido da bayan hannu, ta gyara murya. "Ku ji. Zan ce masa banki ne suka canja magana. Zan ce sun sake duba bashin karatuna suka rage abin da za su ba mu. Zai yarda, bai san kan abin ba. Ba sai ya san wannan ba. Mama, kin ji? Ba na son ya riƙa kallon Baba da shi kowace Kirsimeti."

Glenys ba ta juyo daga wajen butar ba.

Clive ya dubi 'yarsa. Ya kwashe mata gida, ga ta kuma tana shirin ɗaukar laifin ta ɗora wa kanta, ta je ta yi wa mijinta ƙarya, don ubanta ya ci gaba da zama mutumin da ba a bin sa komai. Wayar ta sake ɗaukar ƙara. Hazel ta ja numfashi ta miƙa hannu, sai ya riga ta.

"Baba, ba ni."

Ya juya mata baya. Yatsunsa masu kaushi suka yi ta zamewa a kan gilashin kafin ta amsu. Daga can muryar Ross ta fito da fara'a, da iska a bayanta, yana cewa motar aikinsa za ta shiga garejin har da sauran wuri.

"Ross," ya ce. "Ba ita ba ce, Clive ne. Naɗe tef ɗin nan, ɗana. Kuɗin gidan babu su, kuma ni na kashe su. Ka taho nan in gaya maka a gaban idonka."